Ofishin fasfo a Abuja: yadda ake gane adireshin gaskiya daga na shafukan bogi

"Assalamu alaikum. A Kubwa nake zaune, ina so in sabunta fasfona saboda Umara. Na bincika a waya, shafuka huɗu sun ba ni adireshi huɗu: ɗaya Area 1 a Garki, ɗaya Sauka, ɗaya Gwagwalada, ɗaya kuma wata filaza a Wuse, har da lambar WhatsApp da za a tuntuɓa a biya kuɗin fom. Dukkansu da tambarin gwamnati. Wanne ne na gaskiya, kuma ta yaya zan gane?"

Wa alaikumus salam, Malam. Sauka da Gwagwalada duka na gaskiya ne. Hedikwatar Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa tana Sauka, a kan titin filin jirgin sama, ofishin fasfo na reshen Babban Birnin Tarayya kuma yana Gwagwalada. Area 1 tsohuwar sakatariyar tarayya ce, inda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take, wato uwar hukumar, shi ya sa tsofaffin jerin adireshi suke tura mutane can. Filazar Wuse kuwa, kada ka tura musu ko naira ɗaya. Wanda za ka je tsakanin Sauka da Gwagwalada shi ne wanda ka zaɓa da hannunka a shafin hukumar, wanda sunansa zai fito a takardar ranar ganawa da za ka buga. Amma tunda gobe za ka nemi ofishin wata hukumar, bari in nuna maka yadda ake tantancewa.

Da farko ka cire tambari daga lissafi. Hoton mikiya da dawakai biyu, kore da fari, hoton shugaban hukuma, duk abubuwa ne da ake kwafewa daga shafin gaskiya cikin minti ɗaya. Akwai manhajojin da ke kwashe fuskar shafi gaba ɗaya, sai mai damfara ya canza lambar waya da lambar asusu kawai. Abin da ba ya iya kwafewa shi ne sunan shafin, wanda ke can sama a burauza. Don haka a nan za ka kafa ido.

Sunayen da suka ƙare da `.ng` suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA mai kula da rajistar sunayen shafukan Najeriya, kuma yawancinsu sayarwa ake yi. Kowa na iya sayen suna mai ƙarewa da `.com.ng` ko `.org.ng` ko `.ng` kai tsaye, kamar yadda ake sayen mai `.com`, da kuɗi kaɗan a shekara, ba tare da an tambaye shi ko shi waye a gwamnati ba. `.gov.ng` daban yake. An keɓe shi ga ma'aikatu da hukumomin gwamnati, hukumar NITDA ce ke kula da bayar da shi, kuma sai da takardar izini daga hukumar da ke nema. Haka `.mil.ng` na sojoji ne. Shafin hukumar da kake nema shi ne `immigration.gov.ng`, wurin cike fom ɗin fasfo kuma `passport.immigration.gov.ng`.

Masu damfara sun san mutane sun fara neman kalmar gov, saboda haka suna cusa ta inda ba ta da wani ƙarfi. Ƙa'idar karantawa ɗaya ce, kuma idan ka riƙe ta ka gama da mafi yawansu. Ka tsallake `https://` na farko. Ka bi rubutun har ka iso alamar `/` ta farko, ka tsaya. Daga nan ka karanta baya, daga dama zuwa hagu. Abin da ke manne da wannan alamar shi ne mai shafin. Duba waɗannan, inda `example.com` ke tsaye a madadin kowane suna da ɗan damfara ya saya:

```
passport.immigration.gov.ng/
immigration.gov.ng.example.com/
example.com/immigration.gov.ng
immigration-gov.ng/
```

Na farko ya ƙare da `immigration.gov.ng` daf da alamar, kalmar da ke gabansa reshe ce ta shafin hukumar, don haka nata ne. Na biyu ya fara da sunan hukumar harafi da harafi, amma ya ƙare da `example.com`. Duk wanda ya mallaki suna yana da ikon ɗora duk kalmomin da ya ga dama a gabansa kyauta, saboda haka wannan shafin na mai `example.com` ne, hukumar ba ta san da shi ba. Na uku ya sa sunan hukumar bayan alamar, wurin da ba shi da bambanci da sunan fayil a kwamfutar mutum. Na huɗu ya fi su wayo: karan ɗori ne a tsakanin kalmomin maimakon ɗigo. Idan wani ya yi rajistar suna mai wannan siffa, suna ne na kasuwa da ya ƙare da `.ng` kawai. Kafin gov ɗigo ake so, bayansa ma ɗigo.

A waya abin ya fi wuya, domin gurbin adireshin ƙarami ne, dogon suna ba ya fitowa duka. Ka taɓa gurbin da yatsa domin rubutun ya buɗe, ka ja shi har ƙarshe. Idan daga Facebook ko wata manhaja ka buɗe, ka zaɓi a buɗe maka a burauza ta sosai, domin ƙaramar tagar da manhajojin ke buɗewa ba ta nuna komai yadda ya kamata. Gajerun mahaɗai irin na `bit.ly` da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp ɓoye inda za su kai ka suke yi, kuma ba ka da buƙatar su. Ka rubuta sunan shafin da hannunka. Ka kula kuma a rubuta shi a gurbin adireshi, har ya buɗe kai tsaye, domin idan ka bar shi ya zama bincike, sakamakon farko sau da yawa talla ne. Duk wanda aka rubuta wa `Sponsored` kuɗi mai shi ya biya aka ɗora shi a sama, kuma dillalai suna biya.

Makullin da ake gani kusa da adireshi ma ba shaida ba ne. Abin da `https` ke nufi shi ne wani na tsakiya ba zai karanta abin da kake turawa ba. Bai ce komai ba game da wanda ke karɓa. Ana samun wannan takardar tsaro kyauta, kuma yawancin shafukan damfara suna da ita. Chrome ma ya daina nuna makullin a 2023, saboda mutane suna ɗaukarsa a matsayin shaidar amana. Haka alamar shuɗi a dandalin X, wato tsohon Twitter: tun ƙarshen 2022 biyan kuɗi ake yi a same ta. Ta gwamnati mai ruwan toka ce, kuma ko ita ba kowace hukuma ke da ita ba.

Shafuka huɗun da ka gani ba jinsi ɗaya ba ne, kuma sanin jinsin yana gaya maka irin asarar da ke jiranka. Akwai masu tara adireshi, waɗanda ke rubuta jerin ofisoshin kowace hukuma a jihohi 36 domin mutane su shigo su ga talla. Ba su da niyyar cutar ka, amma daga junansu suke kwafa, ba wanda ya taɓa taka ƙafa ya duba. Suna canza shekarar da ke kan taken rubutun duk Janairu, abin da ke ciki kuwa yana nan yadda yake tun shekara goma. Asararka a nan kuɗin mota ne da yini guda, kuma ga mai ranar ganawa yini guda ba ƙaramin abu ba ne. Daga irinsu Area 1 ya fito. Akwai kuma dillalai, masu shago na gaske a filaza, da kwamfuta da firinta. Za su cike maka fom a shafin gaskiya, su ɗora nasu kuɗin a kai, wani lokaci ninki, suna nuna kamar su reshen hukuma ne. Matsalarsu ba kuɗin kaɗai ba ne. Sukan buɗe maka rajista da imel ɗinsu da lambar wayarsu, sai duk saƙon hukuma ya riƙa zuwa musu, kai kuma ba ka iya shiga ka ga inda aikinka ya tsaya sai ta hannunsu. Na ukun su ne 'yan damfara zalla: adireshin da suka rubuta ko babu shi, ko na wani gini ne da ba ruwansa. Ba sa son ka zo. Adireshin ado ne domin hankalinka ya kwanta ka tura kuɗi, tare da hoton tsohon fasfonka da lambar NIN, waɗanda za a iya yin wata ɓarnar da su daga baya.

Farashi yana tona asirin na farko da na uku cikin sauƙi. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗin fasfo a cikin Najeriya naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, naira 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. Shekara guda kafin nan, daga Satumban 2024, naira 50,000 da 100,000 ne, kafin nan kuma 35,000 da 70,000. Idan shafi yana ɗauke da shekarar bana a takensa amma yana ce maka 35,000, ka san ba a taɓa cikinsa ba tun kafin ƙarin farko, kuma adireshin da ke ƙasan wannan farashin tsufansu ɗaya. Idan kuma yana ba ka rangwame ko yana neman kuɗin gaggawa ta WhatsApp, ba hukuma ba ce. Farashin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda shafin hukumar ya nuna maka lokacin biya, tunda gwamnati na iya sake canzawa.

Hanyar biya ita ce gwajin da ba ya ƙarya. Tun 2015 aka tilasta wa hukumomin tarayya asusun bai ɗaya, TSA, kuma yawancinsu ta kafar biyan kuɗi ta Remita suke karɓar kuɗi, da lambar RRR mai lambobi 12 wadda shafin hukumar ke fitar maka. Wasu ayyukan, har da fasfo, a cikin shafin kansa ake kai ka wurin biya. Ko ta wace hanya ce, babu inda gwamnati ke karɓar kuɗinta a asusun mutum. Idan ka sa lambar asusu a manhajar bankinka sunan wani bawan Allah ya fito, ko sunan wani kamfani mai ƙarewa da `Ventures` ko `Global Services`, ka tsaya nan, komai bayanin da za a yi maka cewa shi ne akawun ofis. Ko lambar RRR ce aka turo maka daga waje, ka duba sunan wanda za a biya da aikin da ake biya wa kafin ka amince, domin kamfanoni masu zaman kansu ma suna amfani da Remita.

Yanzu ga yadda za ka bi naka aikin. Ka buɗe `passport.immigration.gov.ng` da hannunka. Ka yi rajista da imel ɗinka da lambar wayarka, ko da a shagon kwamfuta ake taimaka maka, kuma kalmar sirri ta kasance a wurinka. Za a nemi NIN ɗinka, bayananka su fito daga rumbun NIMC, don haka idan suna ko ranar haihuwa sun saɓa da na tsohon fasfo, can za ka fara gyarawa. A cikin fom ɗin akwai wurin zaɓen ofishin da za a yi maka aiki. Duk ofishin da babu shi a wannan jerin, ba ya ɗaukar hoto da zanen yatsu na fasfo, ko me aka rubuta a allon ƙofarsa. Wannan jerin ya fi duk wani bincike da za ka yi a Google ƙarfi, saboda shi injin hukumar ke aiki da shi kullum, ba rubutu ba ne da wani ya manna ya manta. Bayan biya ka zaɓi rana, ka buga rasit da takardar ganawa. Daga Kubwa, Sauka ta fi maka kusa da Gwagwalada, amma ka duba wanda ke da rana mafi kusa da tafiyarka. Idan ka zaɓi ɗaya ka je ɗayan, da wuya a saurare ka, domin fayil ɗinka yana inda ka tura shi.

Dole in faɗa maka inda ƙa'idar `.gov.ng` take da iyaka, ta fuska biyu. Ta farko, akwai shafukan gaskiya da ba su ƙare da ita ba. Hukumar yi wa ƙasa hidima tana da `nysc.gov.ng`, amma rajistar masu shiga sansani a `portal.nysc.org.ng` ake yi. WAEC, da yake ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce, `.org` take amfani da shi. Remita kanta `remita.net` ce. Wannan rashin daidaito shi ya buɗe wa masu kwaikwayo ƙofa, kuma laifin hukumomin ne da suka saba wa jama'a da haka. Mafita ita ce ka fara daga shafin `.gov.ng` na hukumar, ka bi mahaɗin da ita da kanta ta ɗora. Idan ta tura ka wani suna na waje, ta lamunce shi. Idan ba ka ga sunan a ko'ina a shafinta ba, ka ɗauke shi baƙo. Kana iya sa Google ya bincika cikin shafin hukumar kaɗai:

```
site:immigration.gov.ng passport office Gwagwalada
```

Fuska ta biyu, shafin gwamnati na gaske ma yana iya ɗauke da tsohon adireshi. Ofisoshi suna ƙaura, musamman na jihohi da ke zaman haya, kuma shafin `Contact Us` shi ne na ƙarshe da ake tunawa a gyara. Shi ya sa adireshi yake bukatar shaida biyu da ba daga juna suka kwafa ba: shafin hukumar, da kuma wani abu sabo, kamar takardar ganawarka, ko sanarwar hukumar ta kwanan nan, ko labarin jarida da ya ambaci inda aka yi wani taro nata. Shafuka goma na masu tara adireshi da suka faɗi abu ɗaya shaida ɗaya ce, tunda tushensu ɗaya.

Taswirar Google tana da amfani wajen kai ka ƙofa, amma ba ta tabbatar da ƙofar ta waye. Kowa na iya ƙara wuri a kanta ko ya ba da shawarar gyara, kuma abin da 'yan damfara suka fi so su canza shi ne lambar waya, su bar ginin gaskiya a wurinsa. Sai ka kira kana ganin hoton get ɗin hukuma, wanda ya ɗauka ya ce maka yau layi ya yi yawa, ka tura kuɗi a riƙe maka wuri. Saboda haka ka samo adireshin daga hukumar tukuna, sannan ka sa shi a taswira, kuma kada ka kira lambar da ke jikin taswirar. Ka duba hotunan da mutane suka ɗora da ranakun sharhinsu. Wurin da ke karɓar jama'a kullum yana da sharhi na shekaru, yawancinsa ƙorafin jira. Wurin da duk sharhinsa yabo ne kuma cikin mako biyu aka rubuta shi, shirya shi aka yi.

Sanin Abuja ma makami ne, domin sunayen titunanta suna da tsari. Titunan Maitama da yawa sunayen koguna ne, shi ya sa hedikwatar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, take Tigris Crescent a Maitama. Na shiyyoyin Wuse sunayen biranen Afirka ne: NIMC tana Sokode Crescent a Zone 5, hukumar kiyaye haɗurra tana Maputo Street a Zone 3. Shiyyoyin nan daga 1 zuwa 7 suke. Wanda ya ƙirƙiri adireshi daga wani gari yakan haɗa titin wata unguwa da sunan wata, ko ya rubuta shiyyar da babu ita. Ka lura kuma da kalmomin `Suite` da `Shop`. Gaskiya ne wasu hukumomi suna da ƙananan cibiyoyi ko abokan aiki masu lasisi a gine-ginen kasuwanci, kamar masu rajistar NIN da cibiyoyin jarrabawar JAMB, amma irin waɗannan sunayensu suna cikin jerin da hukumar ta wallafa. Fasfo ba ya cikin ayyukan da ake ba shago.

Idan har yanzu kana shakkar wani shafi, ka duba shekarunsa. Ka sa sunansa a `lookup.icann.org` idan mai `.com` ne ko `.org`, ko a wurin binciken WHOIS na NiRA idan mai `.ng` ne, ka nemi layin ranar da aka yi masa rajista. Hukumar Shige da Fice ta girmi intanet da shekaru masu yawa, shafinta ba zai zama ɗan wata uku ba. Shafukan damfara ba sa daɗewa, ana rufe su suna buɗe wasu, shi ya sa kusan kullum sababbi ne. Ka duba imel ɗin da suka bayar kuma: na hukuma yana ƙarewa da sunan shafinta. Wasu ofisoshin gwamnati suna amfani da Gmail, abin takaici, don haka Gmail shi kaɗai bai isa hukunci ba, amma idan ya haɗu da sabon suna da lambar WhatsApp da asusun mutum, magana ta ƙare.

Ranar da ka je, ka wuce masu tare mutane a bakin hanya suna tambayar "fasfo ne?", ka nufi get, ka nuna takardar ganawarka ga jami'i mai kaki da suna a ƙirji. Kuɗin fasfo ka riga ka biya, babu wani na biyu da ake karɓa a hannu.

Idan kuwa ka riga ka tura wa masu filazar wani abu kafin ka yi wannan tambayar, ka kira bankinka yanzu, ba gobe ba, ka ce a shigar da ƙorafin damfara domin a nemi bankin da ya karɓa ya riƙe kuɗin, tunda cikin sa'o'i kaɗan ake kwashe su. Ka ɗauki hoton hirarku da rasit da cikakken sunan shafin kafin su goge, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, wadda hedikwatarta ke Jabi. Idan ka ba su lambobin katin bankinka, a toshe katin a ba ka sabo. Idan kuma su suka buɗe maka rajista a shafin hukumar, ka karɓi lambar fom ɗin da rasit, ka tabbatar a shafin cewa biyan ya shiga da sunanka kafin ka fara ƙirga kwanakin tafiya.